Sakan 15 ba ya ɗaukar dankali da kabeji da karas

"Malam, ina sayar da dankalin turawa da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada ta Jos, ina tura wa 'yan Abuja. Na yi bidiyon sakan 15 na sa a status, ƙanwata ta ce kamar ɗan kamasho a tasha, ba abin da ta ji. Ya zan yi?"

Hajiya, ki ƙirga kalmomin tukuna. Magana cikin natsuwa kusan kalma biyu ce da ɗoriya a sakan ɗaya, kenan 30 zuwa 35 ne rabonki, in rubutunki ya kai 50 to sai kin yi gudu, kuma maganin shi ne rage kaya.

Farkon abin da za ki cire gaisuwa ce. Na san da nauyi, amma "assalamu alaikum 'yan uwana barkanku da warhaka" ta cinye sakan 3 ko 4, kafin ki ce dankali mai kallo ya danna gaba. Ki buɗe da abin da ke cin kwastoma rai:

"Kin taɓa buɗe buhun dankali kika tarar ƙasan duk ƙanana?"

Kalma 10, wajen sakan 4, kuma kyamara na kan buhun ana juye shi, fuskarki ta jira.

Tsakiya ita ce mai wuya, don ranki zai ce ai kabejin ma ya shigo da kyau, karas ma, ga farashi ga kuɗin mota, a'a Hajiya. Abu ɗaya. Wadda ke zaune a Kubwa za ta tura kuɗi kan kayan da ba ta taɓa da hannu ba, tsoronta a yi mata ado da manya a bakin buhu, to wannan kaɗai za ki amsa:

"Mu a Farin Gada, kafin mu ɗinke buhu sai mun juye miki shi a bidiyo, ki gani har ƙasa."

Sakan 8 kenan. Amma fa sai in da gaske za ki riƙa juyewa. Kabeji kuma ki yi masa nasa gobe. Farashi ma ki bari sai an tambaya, tunda na kayan gwari yau daban gobe daban.

Saura sakan 3, umarni ɗaya: "Ga lambar nan, turo saƙo yau." Kar ki karanta lambar, alƙaluma 11 ne, ita kaɗai sai ta ci sakan 5, ki rubuta ta manya a kan bidiyon ta zauna har ƙarshe.

Kafin ki ɗauka ki kunna agogon waya ki karanta da ƙarfi, da ɗan numfashi bayan tambayar farko. In kin gama a sakan 14 ya yi, in kin kai 17 cire kalma biyar ko shida. Sannan ki kunna wa ƙanwar taki sau ɗaya tak ki ce me ta ji, in ta ce "kina juye buhu a gani" sai ki sa a status.