PS5 a cikin kabad ɗin talabijin: me ke sa fanka ihu, kuma yaya ake gyarawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da PS5 irin ta farko mai cin faifai, tana kwance a cikin kabad ɗin talabijin mai ƙofar gilashi. Da na fara gem, minti 20 zuwa 30 fanka sai ta kama ƙara sosai, wani lokacin har rubutu ya fito cewa ta yi zafi. Shekararta biyu ban taɓa buɗe ta ba. Fankar ce ta lalace, ko in kai a canza mata man sanyaya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, malam. Kada ka kai ta ko'ina tukuna. Fankar da ta lalace tana nuna halinta tun daga kunnawa, da ƙaƙas-ƙaƙas ko gurnani. Wadda ke farawa shiru sannan ta riƙa ƙara gudu a hankali lafiyarta ƙalau, umarni take bi. Na'urar tana auna zafin cikinta, idan ya hau sai ta ƙara wa fanka gudu. Abin da za mu nema shi ne abin da ke hana zafin fita, kuma a naka yanayin kabad ɗin ne abin zargi na farko, ƙura ta biyu.

PS5 irin ta farko, wadda ta fito a 2020, tana cin wutar da ta kai kusan wat 200 idan ana gem mai nauyi, kuma kusan dukan wutar nan zafi take komawa. Fankarta mai faɗin milimita 120 tana jawo iska ta ramukan da ke tsakanin fararen murafen da baƙin jikin, ta tura ta cikin lagireto, wato jerin siraran ƙarafan da ke kwashe zafi daga ƙwaƙwalwar na'urar, sannan iskar ta fita ta baya da zafinta. A fili wannan iska watsewa take yi cikin ɗaki. A cikin rufaffen kabad kuwa sai ta bugi katakon baya, ta zagayo gaba, fankar ta sake shaƙar ta. Kowane zagaye iskar na ƙara zafi. A ce gurbin da take ciki santimita 60 ne a faɗi, 40 a zurfi, 30 a tsayi: lita 72 ke nan ta iska kacal, wadda wat 200 ke ɗumamawa cikin ƴan daƙiƙu. Abin da ke jinkirta matsalar shi ne katako da gilashi suna shan zafin da farko. Idan suka ƙoshi, sai zafin ciki ya tashi, shi ya sa ihun ba ya farawa sai bayan minti 20. Ɗan ramin wayoyin da ke bayan kabad bai isa komai ba, balle wayoyin sun cike rabinsa.

Kafin ka taɓa sukundireba, yi gwaji mai sauƙi. Fito da na'urar ka ɗora ta kan tebur a fili, a kan mazauninta, ka buga gem ɗin da ke sa ta ihu na tsawon minti 40. Idan ta yi shiru, an gama bincike, kabad ne. Idan ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba, kabad da ƙura sun haɗu. Idan babu abin da ya canza, ƙura ce ta toshe ta daga ciki. Gem ɗaya za ka yi amfani da shi a duk gwajin, domin wani gem ya fi wani wahalar da na'ura nesa ba kusa ba.

Idan kana da ƙaramin ma'aunin zafi na ɗaki, ajiye shi cikin kabad ta gaban na'urar inda take shaƙar iska, ba ta baya ba. Sony ta ƙayyade cewa na'urar ta yi aiki a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 35 a ma'aunin Salsiyas. Idan ɗakinka yana kan 28, digiri 7 kawai ya rage maka. Ka rufe ƙofa, bayan rabin sa'a ka ga ma'auni ya haura 40, to ka san tana shaƙar iskar da ba a ƙera ta don ta ba, komai tsabtar cikinta. Saƙon da ke fitowa, "Your PS5 is too hot", gargaɗi ne na ƙarshe kafin ta kashe kanta. Da ya fito ka adana gem ɗinka ka kashe ta, kada ka danne saƙon ka ci gaba.

Gyaran da ya fi kowanne shi ne ta bar kabad ɗin gaba ɗaya. Idan ba hali, saboda yara ko ƙarancin wuri, to iska na bukatar ƙofar shiga da ƙofar fita, kuma kada su zama ɗaya. Buɗe ƙofar gilashi lokacin gem yana rage matsalar, amma rabin aiki ne, tunda zafin ta baya yake fita ya taru can. Mafi yawan irin waɗannan kabad siririn falanki ne a bayansu wanda aka kafe da ƙananan ƙusoshi. Cire wanda ke bayan gurbin na'urar, ko ka yanke shi daidai faɗinta, sannan ka janyo kabad ɗin daga bango. Ƙa'idar Sony ita ce aƙalla santimita 10 tsakanin na'urar da bango, kuma ni ina ganin ka ba ta fiye da haka ta baya idan da wuri. Kada ka ɗora ta kan dikoda ko amfilifaya, zafinsu sama yake tashi ya shige ta. Kada kuma ta zauna kan kafet mai gashi.

Wanda ya dage sai ƙofa ta zauna a rufe, dole ya sa wa kabad fanka. Ga lissafin: don a kwashe wat 200 ba tare da iskar ciki ta fi ta ɗaki da sama da digiri 7 ba, sai kusan kubik mita 85 na iska ya ratsa gurbin a kowace sa'a. A jikin kwalin fanka za ka ga ana rubuta ƙarfinta da CFM, ma'aunin yawan iskar da take turawa, kuma kubik mita 85 ɗin nan ya yi daidai da kusan CFM 50. Fankar milimita 120 guda ɗaya mai jona ta USB tana kaiwa wajen nan a takarda, amma raga da matsatsin hanya suna cinye wani kaso, don haka biyu suka fi. A huda musu rami a saman katakon baya, suna fitar da iska waje, a bar tsaga ko ramuka ta ƙasan gaba don sabuwar iska ta shigo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a juya fankar tana hura iska ciki ta baya, tana karo da wadda na'urar ke fitarwa. Haka nan fankar fitarwa ba tare da mashiga ba juyawa kawai take yi a banza.

Sai ƙura. Kashe na'urar gaba ɗaya, ba Rest Mode ba, jira fitilarta ta mutu, zare duk wayoyi, ka bar ta ta huce. Cire mazaunin, ka kwantar da ita kan tawul, murfi mai tambarin PS yana sama. Kama kusurwar da tambarin yake, ɗaga ta kaɗan, ka zame murfin zuwa ƙasan na'urar. Zai yi ɗan ƙas ya fita. Cire murafen nan ba ya taɓa garanti, don a cire su aka yi su. A ƙarƙashinsa akwai ramuka biyu da aka tanada musamman don tara ƙura. Kafa bakin injin zuƙe ƙura a kansu, a kan ƙaramin ƙarfi, ka zuƙe. Sannan ka bi ragar fanka da ramukan baya da buroshi mai laushi, injin yana kusa yana kwashe abin da ya tashi. Juya ta ka cire ɗaya murfin, ka yi wa fankar haka ta wancan gefen, domin ta fuska biyu take shaƙar iska.

Abu biyu ke ɓata wannan aiki. Na farko, barin fanka ta riƙa juyawa da ƙarfin injin ko na gwangwanin iska. Gudun da ya wuce kima yana lalata boris ɗinta, sai ka gama shara ka samu sabuwar ƙara. Tokare fiffikenta da yatsa ko tsinken auduga. Na biyu, hura iska daga waje zuwa ciki na'ura tana rufe, wanda ke cusa ƙurar can cikin lagireto ta dunƙule. Idan za ka yi amfani da gwangwanin, riƙe shi a tsaye, ka riƙa fesawa kaɗan-kaɗan, don idan ka karkata shi ruwa mai sanyi ke fitowa.

Bayan shekara biyu, mai yiwuwa sharar waje ba za ta wadatar ba. Ƙurar da ke jawo ihu ita ce wadda ta yi kirtani a bakin lagireto kamar bargo, kuma ba a ganin ta da kyau sai an cire fanka. Ta gefen da gurbin faifai yake ake cire ta: a ɓalle ragar roba, a kwance sukurori huɗu da sukundireba mai bakin tauraro da rami a tsakiya, lamba T8. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka jera su yadda ka ciro su. Zare filogin fankar ta hanyar kama kansa, ba wayar ba. Da fankar ta fita, haska tocila cikin gurbin. Za ka ga bakin lagireto, ka kuma ga jerin ƙananan ramuka na akwatin wutar na'urar. Goge duka biyun da buroshi kana zuƙewa. Ramukan akwatin wutar nan mutane da yawa ba sa lura da su, alhali toshewarsu kan sa na'ura ta mutu ɗif a tsakiyar gem ba tare da wani gargaɗi ba.

Batun man sanyaya kuwa, ka ajiye shi. Abin da ke tsakanin ƙwaƙwalwar PS5 da lagireto ba irin farin man kwamfuta ba ne, narkakken ƙarfe ne mai ɗaukar wuta, kuma ɗigo ɗaya a kan allon na'urar ya isa ya ƙone ta. Wannan aikin mai gyaran da ya saba da shi ne, kuma lokacinsa shi ne idan na'urar tana fili, an share ta tas, fanka na juyawa, amma saƙon zafi bai daina fitowa ba.

Ka kuma saurari irin ƙarar bayan ka gama. Shuuu na iska mai hawa da sauka alamar zafi ce. Siririn sautin tsuwa mai canzawa idan hoton allo ya canza daga kayan wutar ciki yake fitowa, ba shi da alaƙa da zafi kuma shara ba ta kawar da shi. Rugugin da ke zuwa na ɗan lokaci idan faifai na ciki na gurbin faifai ne. Ƙas-ƙas mai bin gudun fanka yana nufin wani abu na taɓa fiffike, ko boris ya ci, kuma a nan ne kaɗai canza fanka ke da amfani. Ramukan tara ƙura kuwa ka riƙa zuƙe su duk bayan wata uku zuwa shida, ka matso da lokacin idan na'urar tana kusa da ƙasa ko akwai kyanwa a gidan.