Zafi ne ya sayar, in ji shi

"Maigida, an ba mu aiki a jami'a mu rubuta tsarin tallata kaya, daga nazarin halin kasuwa har kasafin kuɗi da awon sakamako. Ta ina zan kama?"

Ka kama daga ƙarshe, yaro. Awon sakamakon nan da ku 'yan yanzu kuke yi wa layi biyu a daren da za a miƙa aiki, shi ne ya ci min kuɗin da har yau in na tuna raina yake ɓaci.

A 2022 wani mai yin yogot a Sharaɗa ya neme ni. Muka yi da shi baki da baki cewa duk ƙarin ribar da tallana ya kawo, kashi goma cikin ɗari nawa ne. Na yi mako uku ina bin shaguna da ƙafata, daga Kasuwar Singa har Sabon Gari da lungunan Kurna, ina tambayar masu shago. Nan na gano ba ɗanɗano ne matsalarsa ba. Kayan suna tsami in wuta ta ɗauke, shi kuma ba ya karɓar wanda ya lalace, abokan gasarsa kuwa suna karɓa su canza. Wannan shi ne nazarin kasuwa, abin da ka jiyo daga bakin mai shago. Teburin nan mai gida huɗu na ƙarfi da rauni da dama da barazana, da maganar kaya da farashi da wuri da talla, kowane ɗan aji ɗaya ya iya, ba zan ɓata yawuna a kansu ba.

Na tsara masa a riƙa canza lalataccen kaya, a ba manyan shaguna kula mai ƙanƙara, a sa sanarwa a rediyo da yamma. Muka fara a Maris. Kafin ƙaramar salla motarsa sawu biyu take yi a rana. Da na je karɓar haƙƙina, sai mutumin nan ya dube ni ya ce, "Malam, zafi ne ya sayar, ga kuma azumi." Azumin shekarar a Afrilu ya faɗo, tsakiyar zafi, kuma kowa ya san a lokacin ko ruwan leda ba ya kwantai. Na ce ya fito da littafin cinikin bara mu gwada, ya ce ya ɓata. Wata uku na yi masa, mai da kuɗin yara masu zagaye duk daga aljihuna, na tashi da kuɗin mota. Ba ni da takarda ko ɗaya da ta nuna katan nawa yake sayarwa kafin in sa hannu.

Saboda haka a takardarka, kafin komai ka rubuta adadin da ake sayarwa yau, da na irin waɗannan watannin a bara, don kada ka gwada cinikin bazara da na hunturu. Sannan ka ware shaguna, a ce ashirin, waɗanda tallan ba zai taɓa su ba. In su ma cinikinsu ya tashi daidai da sauran, yanayi ne. In sauran sun wuce su, ratar da ke tsakani ita ce aikinka. Ka faɗi wanda zai ƙirga, ranar da zai ƙirga, da littafin da zai duba.

Buri kuma da lamba ake rubuta shi. Kada in ga "ƙara wa kaya farin jini". Ka ce daga katan 400 a mako zuwa 520 cikin mako 12, a unguwanni kaza. Daga nan kasafi yake fitowa. A ce ribar katan naira 600 ce, ƙarin katan 120 zai ba ka naira 72,000 a mako, a mako 12 naira 864,000. In kasafinka ya kai naira 900,000, to sai ka sayar da ƙarin katan 1,500 kafin kuɗin su dawo, kai kuwa 1,440 ka yi alkawari, ko da ƙarin ya zo tun makon farko, alhali ba ya zuwa haka. Dole ka rage rediyo ko ka tsawaita wa'adi. Malami mai ido wannan lissafin yake fara dubawa, ya ga ko kowace naira tana da aikin da aka rubuta mata a baya.

Kuma ka zaɓi ƙaramar sana'a da za ka iya shiga ka ga littafinta da idonka. Ku kun fi son ɗauko babban kamfanin waya, ku kwafo lambobi daga intanet, ku ƙirga masu danna alamar so kamar su ne masu saye. Gobe da safe ka ɗauki biro ka je shago goma, ka tambaye su katan nawa suka sayar makon jiya da wanda suka mayar, ka kawo min in gani.