Tiyo na ta fita, injin ban ruwa ya ƙi motsi: ina lissafin ya karkace?

Tambaya ta farko, daga wani ɗan kasuwa a Sabon Gari: "Salam Malam. Na shigo da kwantena ɗaya daga Sin, injin ban ruwa 200 da tiyo nadi 400, komai da komai na kashe kusan naira miliyan 40.9 har kaya suka sauka shago. Na raba kuɗin bisa farashin da na sayo kowanne, ina sayar da tiyo dubu 30 yana ta tafiya, inji kuma na sa dubu 165 ba mai taya shi, maƙwabta suna bayarwa 150. Ga hoton takardar kwastam da rasitai na turo, a duba min."

Ta biyu, daga wata Hajiya a Tudun Wada: "Kayana daga Dubai aka loda su amma ejan ya rubuta CN a takarda, kuskure ne ko?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Na duba hotunan, kuma gaskiya maƙwabtanka ba asara suke yi ba, kai ne ka ɗora wa inji nauyin da tiyo ya kamata ya ɗauka. Amsar tana cikin takardar nan ta SGD, wato takardar bayanin kaya ta kwastam, da ejan ya ba ka, wadda yawancin mutanenmu sukan ninke su jefa a durowa da zarar mota ta wuce Kwangila.

Abu na farko, takardar ba jimla ɗaya take da ita ba, kowane irin kaya yana da nasa layin, naka layi biyu ne. A kowane layi ka nemi gidan da aka rubuta Commodity code, shi ne gida na 33 a tsarin takardar da aka saba, za ka ga lamba goma. Shida na farko lambar HS ce da duniya ta yarda a kanta, ragowar huɗun na wannan yankin ne, kuma su ke kai ka ga kason kuɗin fito. Injinka ya fara da 8413, gidan famfunan tura ruwa, tiyo kuma 3917, gidan bututu da tiyo na roba. Tun 2015 Najeriya take bin jadawalin fito na bai ɗaya na ECOWAS mai mataki biyar, wato sifili, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, a takardarka an caji inji kashi 5, tiyo kashi 20. Ka ga tun daga nan ma kaya biyun sun rabu.

Sai darajar kayan, nan ne mutane suka fi ruɗewa. Kwastam ba a kan kuɗin da ka tura wa kamfani kaɗai suke yanka diyuti ba, a kan CIF suke yankawa, wato kuɗin kaya haɗe da kuɗin jirgi da inshora. Inji dala 60 sau 200 ya ba da dala 12,000, tiyo dala 10 sau 400 dala 4,000, wannan shi ne FOB. Jirgi da inshora dala 4,000, a takardar an raba shi bisa daraja, inji ya ɗauki 3,000 tiyo 1,000, sai CIF ɗin inji ya zama dala 15,000 na tiyo 5,000. An juya su naira da canjin kwastam da ke gida na 23, a taka 1,500 ne, inji ya tashi naira miliyan 22.5 tiyo miliyan 7.5.

To duba abin da ya faru a gidan lissafin haraji, gida na 47. Diyutin inji naira 1,125,000, na tiyo 1,500,000. Kayan da kuɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kwantenar ba ya fi injin biyan fito. Kuma ba a nan ya tsaya ba, don sauran cajin da ke takardarka wasu a kan diyutin suke hawa: akwai ƙarin kashi 7 cikin ɗari na diyutin kansa, akwai CISS, kuɗin duba kayan da aka shigo da su, kashi 1 na FOB, akwai ETLS, harajin ECOWAS, rabin kashi ɗaya na CIF, sannan VAT kashi 7.5 ta zo ta hau kan dukkansu gaba ɗaya har da CIF ɗin. Da na tara, layin inji ya biya kusan naira 3,296,000, layin tiyo kusan 2,393,000. Waɗannan ƙananan cajin gwamnati na taɓa su lokaci zuwa lokaci, a 2025 ma an yi ta kai ruwa rana kan wani caji na kashi 4 na FOB, shi ya sa kar ka haddace kaso ka ce kullum haka ne, abin da ke rubuce a takardar wannan kwantenar shi za ka kwafa.

Yanzu littafinka. Ka buɗe shafi ɗaya ga kwantenar, a sama ka rubuta lambar SGD, da ta Form M wato takardar shigo da kaya da ake buɗewa ta banki, da ta PAAR wato rahoton kimanta kaya da kwastam ke bayarwa, da ranar da aka biya, ƙasa kuma ka ja layi biyu, inji da tiyo. Haraji ka kwafe shi daga SGD yadda yake. Amma kuɗin kaya kar ka kwafa daga can, saboda kai ba a 1,500 ka samu dala ba, rasitinka ya nuna 1,560. Canjin kwastam na lissafin fito ne kawai, aljihunka kuma abin da ya fita daga cikinsa ya sani. Don haka inji naira 18,720,000, tiyo 6,240,000, kuɗin jirgi da inshora shi ma 6,240,000.

Wannan kuɗin jirgin da na mota su ne wurin da na fi so ka tsaya ka nutsu. Kwastam sun raba shi bisa daraja don sauƙin aikinsu, ba laifi, amma mai jirgi bai tambayi nawa ka sayi tiyo ba, direban tirela da ya ɗauko daga Legas zuwa Zariya shi ma bai tambaya ba, wuri da nauyi suka sayar maka. Duba gida na 35, Gross mass, wato nauyi har da kwali da mazubi, na 38 kuma Net mass nauyin kayan tsura. A takardarka inji kilo 5,000 ne, tiyo ma kilo 5,000, kunnen doki. Kafin ka yarda da lambar yi mata ɗan gwaji, kilo 5,000 raba 200 ya ba da kilo 25 kowane inji, ka ɗora kwali ɗaya a sikeli ka gani, in ya yi kusa to lambar ta gaskiya ce, in ka ga kilo 40 to wani ya cika gidan da ka ne kawai, sai ka koma takardar jirgi da jerin kayan da kamfani ya aiko. Tun da nauyi ɗaya ne, kowane layi zai ɗauki rabin kuɗin jirgi, 3,120,000. Kuɗin ejan da na tasha da na kamfanin jirgi da mota da 'yan dako da suka kai miliyan 4 su ma rabi-rabi, miliyan 2 kowanne. Inshora da ladan ejan a gaskiya sun fi dacewa da rabon daraja, amma ba su kai su sauya hoton ba shi ya sa na bar su a haɗe.

Tara layin inji: 18,720,000 da 3,120,000 da 3,296,000 da 2,000,000, ya ba da 27,136,000, raba 200, kowane inji ya sauka shagonka a kan naira 135,680. Layin tiyo: 6,240,000 da 3,120,000 da 2,393,000 da 2,000,000, ya ba da 13,753,000, raba 400, kowane nadi kusan naira 34,400. Kai da rabonka na daraja ka ɗauka tiyo kusan 25,600 ne inji kusan 153,300. Kenan duk nadin da ya fita a dubu 30 ka bi shi da kyautar sama da dubu 4, ba mamaki masu noman rani na bakin Galma suke ta layi a ƙofarka, inji kuma ko a 150 ka bayar kana da ribar dubu 14. Ni dai da ni ne yau ɗin nan zan sauke inji zuwa farashin kasuwa, in ɗaga tiyo, sannan in zauna in yi tunani ko tiyon nan ya cancanci a sake ɗauko shi daga waje ko a nema a gida.

Kuma ma wataƙila na yi wa tiyon sassauci, don kaya ne mai cin wuri, kwantena kan cika da shi tun nauyi bai kai ko'ina ba. In jerin kayan ya nuna CBM na kowanne, wato girman wurin da ya ci, raba kuɗin jirgi da shi ya fi nauyi adalci, kuma ina kyautata zaton tiyon zai ƙara tsada.

Abu ɗaya da na ji daɗinsa a takardarka, darajar da ke SGD ta yi daidai da rasitin kamfani, lambobin kayan ma sun dace da abin da ke cikin kwantenar. Ba kowa ke samun haka ba. Wani ejan zai karɓi kuɗin diyuti cikakke, ya je ya rage daraja ko ya cusa tiyo ƙarƙashin lambar inji ya biya kashi 5, ya soke ragowar a aljihu. Gane shi ba wuya: ka gwada dalar da ke gida na 22 da rasitinka, ka ƙirga layuka ko sun kai yawan irin kayanka, ka gwada jimlar haraji da rasitin banki ba da takardar da ejan ya rubuta da hannunsa ba. In an rage, sunanka ne a takardar ba nasa ba, ana iya tare motar a hanya ko a aiko maka da takardar neman cikon kuɗi, wadda suke kira DN, bayan ka riga ka sayar da kayan a farashin da bai san da wannan cikon ba.

Hajiya, taki ba kuskure ba ne in dai a Sin aka ƙera kayan. Takardar tana da gida biyu daban, na 15 ƙasar da aka lodo kaya, a nan za ki ga AE, alamar Daular Larabawa inda Dubai take, na 34 kuma ƙasar asali, inda aka yi kayan, shi ne CN ɗin. Ki duba jikin kwalin ki ga me aka buga, in ya yi daidai shi ke nan. A littafinki ki rubuta duka biyun, don ranar da za ki gwada ko saye kai tsaye daga Sin ya fi biyowa ta Dubai sauƙi za ki buƙace su. Inda asali ke taɓa kuɗi sosai shi ne kayan da aka ƙera a cikin ƙasashen ECOWAS, kamar Ghana ko Kwaddibuwa, in kamfanin da kayan suna da rajistar ETLS, wato tsarin sauƙaƙa ciniki na ECOWAS, kuma akwai takardar shaidar asali to ba a biyan diyuti a kansu. Amma kayan Sin da aka sauke a Kwatano ko Lome aka sake lodowa suna nan a kayan Sin, duk wanda ya ce miki zai shigo da su a matsayin kayan ECOWAS ki riƙe kuɗinki tukuna.