Salula ta hannu a intanet: kuɗinka a hannun wa yake kwana?

"Maigida, akwai mai son in samo masa iPhone 11 ta hannu. Na ga ɗaya a Facebook wajen wani a Yamai, na ga wata a Jiji daga Kano, sai ta eBay wadda ta fi su arha, kuma an ce can suna mayar da kuɗi in waya ba ta yi ba. Wacce zan ɗauka?"

Ajiye sukurdireban ka matso. Kafin ka dubi farashi, ka fara gano inda kuɗin zai zauna tsakanin ranar da ka biya da ranar da wayar ta shigo hannunka. A nan wuraren uku suka rabu.

Facebook da Jiji allon talla ne kawai. Suna haɗa ka da mai kaya, amma kuɗin ba ya bi ta hannunsu, saboda haka babu abin da za su mayar maka. Jiji da kansu suna gargaɗi kada a biya kafin a ga kaya. In ka tura wa na Yamai kuɗi ta Nita ko Airtel Money ya cire, zance ya ƙare. Aikin kamfanin shi ne ya kai kuɗi ga sunan da ka ba shi, kuma ya kai. Ko motar ta iso tasha da wayar da ke kulle, ko da kwali da sabulu a ciki, wannan tsakaninka da mutumin ne, kuma tsakaninku kilomita wajen 900.

eBay daban ne, don kuɗi ta hannunsu yake wucewa. A shafinsu na Faransa tsarin sunansa Garantie client eBay. In waya ba ta iso ba, ko ta iso ba yadda aka siffanta ta ba, kana da kwana 30 daga ranar da aka kawo ta, ko ranar da aka ce za ta iso in ba ta iso ba, ka kai ƙara. Mai sayarwa yana da kwana 3 na aiki ya amsa, in ya yi shiru ka nemi eBay su shiga tsakani. Ko ya rubuta cewa ba ya karɓar kayan da aka mayar, in dai ya ɓoye aibi, dole ya karɓa, kuma kuɗin aika masa a kansa yake. Tsari ne mai kyau ƙwarai. Sai dai an yanka shi daidai wuyan mutumin da ke zaune a inda ɗan aike zai ƙwanƙwasa ƙofa, ba mu da ke Damagaram ba.

Bari mu bi ta ka gani. Yawancin masu sayarwa a can ba sa aikowa Nijar, sai ka ba da adireshin wani ɗan uwa a Faransa. Wayar ta isa gidansa ranar 3 ga wata. Daga wannan ranar agogo ya fara. Shi kuma ya sa ta a akwati yana jiran matafiyi mai zuwa Yamai, matafiyin bai tashi ba sai bayan mako uku, ya sauka ya huta, kana a ba direba ya kawo Zinder. Ka buɗe ta a kan teburin nan ranar 6 ga watan da ke biye, ka tarar Face ID ba ya aiki, gilashin kuma canji ne. Kwana 30 sun wuce. Kuma ko da ba su wuce ba, a ƙa'idarsu kayan da aka sake turawa wani adireshi bayan an kai shi na farko ya fita daga kariyar. Nan ne ake kare mai sayarwa. Shi abin da ake nema daga gare shi lambar bin sawun kaya da ke nuna an kai adireshin da ke kan oda. Da ya nuna, ya fita. Ba zalunci ba ne, don bai san wa ya taɓa wayar a hanya ba. Ai mu ma ba ma karɓar wayar da wani mai gyara ya buɗe bayan ta bar shagonmu.

To in ta eBay za ka saya, ɗan uwan nan shi ne idonka, kuma ranar da ta iso zai gwada ta, kana kallo ta bidiyo. Ya sa mata layi ya kira, ya danna wannan:

```
*#06#
```

Lambar IMEI mai lamba 15 za ta fito, ya gwada ta da wadda mai sayarwa ya bayar. Ya goge wayar gaba ɗaya ya tayar da ita daga farko. In ta nemi asusun iCloud na wani, a kulle take, kuma babu abin da ni ko kai za mu yi mata a nan sai mu cire gilashi da batir mu sayar. Ya duba lafiyar batir, ƙasa da kashi 80 ka lissafa kuɗin sabo a cikin farashi. In da matsala ya kai ƙara daga can, wayar tana hannunsa. Ka kuma karanta yanayin da aka rubuta a tallar. Mai arha ƙwarai sau da yawa an sa ta a rukunin wayoyin da ba sa aiki, na cire kaya, kuma wanda ya sayi wannan ba shi da bakin cewa an cuce shi. In mai sayarwa ya ce ku koma WhatsApp ka biya shi kai tsaye zai rage maka, ka bar shi, don da kuɗin ya bi ta waje kariyar ta faɗi.

Sai batun yabon masu saye. A eBay wanda ya yi ciniki ne ke iya rubutawa, kuma kason da kake gani kusa da sunan mutum na watanni 12 da suka wuce ne. Amma kada kashi 100 ya ruɗe ka. Shiga ciki ka ga me ya sayar. Wanda ya tara yabo da sayar da rigar waya da igiyar caji, yau kuma ya fito da iPhone, a wajena sabon mutum ne. Wani ma duk yabon nasa na saye ne, bai taɓa sayar da komai ba. Ni ƙorafe-ƙorafen nake fara karantawa. Mutum ɗaya ya ce kaya ya yi jinkiri, wannan ba komai. Mutum uku su ce batir ba kamar yadda aka faɗa ba, wannan hali ne. Na Facebook kuwa, "Masha Allah, mutumin kirki ne" a ƙarƙashin hoto, abokansa ma za su iya rubutawa. Abin da ya fi shi ne ka tambayi wani abokin sana'a a Yamai ko ya san shagonsa.

Da ni ne da wannan ciniki, ta Kano zan fara bi, ba don Jiji ta fi kariya ba, sai don akwai mutanenmu da ke sarin kaya a kasuwar waya ta Farm Centre. Ka ba ɗayansu lambar mai wayar, su haɗu a kasuwa da rana, ya goge ta, ya gwada kyamara da lasifika da wurin caji, ya karɓi rasit mai ɗauke da IMEI da sunan shago, kana ya biya. Ka ba shi ladansa, ka lissafa canjin naira da sefa na ranar. Ta Yamai ma haka, in da mai zuwa ya gani. In babu, a bar ta.

Ka kuma tuna mai son wayar bai san eBay ba, bai san Jiji ba, kai ya sani, kuma nan zai dawo in ta mutu. Kafin ka karɓi ko dala ɗaya a hannunsa ku yi magana a fili: kwana nawa ka ba shi na gwaji, me za ka karɓa, me ba za ka karɓa ba, kamar faɗuwa da shiga ruwa. Rubuta a littafin shago tare da IMEI, ya sa hannu. Yanzu nemi na Kanon ya turo maka hoton shafin batir da lambar IMEI, in ya turo ka kawo mu duba tare.