Ɗana mai lalura ya kusa 18, in tara masa kuɗi da sunansa?

Tambaya: Barista, ɗana shekararsa 16, da lalurar ƙwaƙwalwa aka haife shi kuma likitoci sun ce da ita zai rayu. Yana karɓar tallafin gwamnati duk wata. Ni da babansa muna son buɗe masa akawun da sunansa mu riƙa tara masa saboda ranar da babu mu. Hakan daidai ne?

Amsa: Maman yaro sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ku ladan wannan hidima. Amma don Allah ki ɗan dakata da maganar akawun ɗin nan tukuna.

Tallafin masu lalura iri biyu ne. Akwai wanda lalurar kawai ake dubawa, akwai kuma wanda ake haɗawa da duba abin da mutum ya mallaka. Ki ɗauko takardar da aka amince masa da ita ki karanta, in kin ga ana maganar kuɗin shiga ko dukiya to nasa iri na biyu ne, kuma nan matsalar take. A Amurka misali, tallafin SSI, wanda gwamnati ke ba masu lalura marasa ƙarfi, yana tsayawa in dukiyar da ake lissafa wa mutum ta haura dala 2,000. A ce kuna zuba masa dala 100 duk wata, a wata na 20 kun kai iyaka, na 21 kun wuce, kuma in ba a gano da wuri ba sai an yi bita, za su iya cewa a dawo da na watannin da aka biya shi alhali bai cancanta ba. Kowace ƙasa da nata adadin amma tarkon ɗaya ne.

Mafita ita ce asusun amana. Lauya ne zai rubuta takardar, dukiyar tana hannun amintattu, yaron shi ke cin moriya amma ba shi ya mallaka ba. Abin da ya fi komai muhimmanci a ciki shi ne a rubuta cewa amintattun ne ke da ikon yanke nawa za a kashe da kuma yaushe. In aka rubuta cewa dole a ba shi kaza duk wata, hukuma za ta iya lissafa shi a matsayin kuɗin shigarsa, kin ga an koma gidan jiya kenan. Shi ya sa ma ya fi kyau amintattun su riƙa biyan mai kula da shi ko kuɗin magani kai tsaye maimakon danƙa masa tsaba. Ni dai shawarata ku sa amintattu biyu, ɗaya ya zama matashi wanda ake sa ran zai daɗe, a rubuta wanda zai maye gurbi in ɗaya ya rasu ko ya gaji, da kuma inda ragowar dukiyar za ta tafi bayan ran yaron. Kakanni da duk mai niyyar yi masa kyauta a gaya musu su zuba a asusun, haka in akwai inshorar rai asusun za a rubuta a matsayin mai karɓa. A inda doka ta ƙayyade rabon gado, kasonsa da sunansa zai zo kuma wasiyya ba lallai ta iya canja hakan ba, don haka ku kafa asusun ku zuba tun kuna raye.

Sai maganar 18 ɗin. A yawancin ƙasashe ranar da ya cika 18 doka na kallonsa a matsayin baligi komai tsananin lalurarsa, banki ko asibiti za su iya ƙin karɓar sa hannunki. In yana fahimtar abin da yake sa wa hannu zai iya ba ki takardar wakilci. In ba ya fahimta, takardar ba ta da ƙarfi, kotu za ku je neman izinin kula da al'amuransa tare da rahoton likita, kuma ku nemi iya abin da ake buƙata kawai, kamar kuɗi da lafiya, domin sashe na 12 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ya karkata ne ga a taimaka wa mutum ya yanke shawararsa.

Tallafin ma sau da yawa ana sake duba shi da ma'aunin manya, wanda ke kallon ko zai iya aiki. Don haka ki tattara rahotannin asibiti da na makaranta tun na yarinta ki adana, wasu tallafin sai an nuna lalurar ta fara da wuri, kamar wanda ake biya a Amurka ta hanyar fanshon iyaye, sharaɗinsa ta fara kafin shekara 22. In wasiƙar ƙin amincewa ta zo, ranar ƙarshe ta ɗaukaka ƙara za ki fara dubawa kafin komai, ki kai wa lauya a satin.