Ya turo silaid, ya ce a rage kawai

Maigida, wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya turo mana fayil ɗin PowerPoint mai shafi 32 ta WhatsApp, na kare furojet ɗinsa a kan adana albasa a Goronyo. Abin da ya rubuta kawai shi ne "a rage". Na kira, wayarsa a kashe. Daga ina zan fara yanka?

Nasiru, kada ka goge komai tukuna. Yi Save As ka ba fayil ɗin sabon suna, nasa na asali ya zauna yadda ya zo. Sannan ka tura masa saƙo da tambaya biyu: minti nawa aka ba shi, kuma gaban wa zai tsaya? Ko bai amsa ba, shafin farko ya gaya maka rabi. Mai kare furojet gaban malaman sashensa zai tsaya, kuma yawanci minti 10 zuwa 15 ake bayarwa kafin tambayoyi. Mutum ba ya gama bayanin shafi ɗaya a ƙasa da minti guda sai in karantawa yake da gudu. Ke nan in minti 15 ne, shafi 12 kake nema, ko 13.

Leƙa nauyin fayil ɗin ma. In ya haura megabait 25, Gmail ba ya ɗaukarsa kai tsaye, wata ƙila abin da ke damun yaron ke nan. Wannan Compress Pictures ne maganinsa, ba yanka ba.

Yanzu shiga View ka danna Slide Sorter, duk shafukan su bayyana a gabanka lokaci ɗaya. Nemo shafin manufofin bincike da shafin kammalawa, ka karanta su da kyau, domin su ne ma'auninka. A ce manufofinsa uku ne: hanyoyin da manoma ke adana albasa, yawan wadda ke ruɓewa, da abin da asarar ke ci musu a kuɗi. To kowace manufa dole ta sami shafin sakamakonta, ɗaya ko biyu. Waɗannan ba a taɓa su, don a kansu malamai za su titsiye shi. Shafin yadda aka yi binciken ma ya tsaya: ƙauyukan da ya je, manoma nawa ya tambaya, yadda ya zaɓe su.

Kitsen yana gaba, a babi na ɗaya da na biyu. Ɗalibai sun saba kwaso rubutun furojet su zuba shi yadda yake. Za ka tarar da shafi takwas na abin da masana suka faɗa, shafi uku na tarihin Jihar Sakkwato da yanayinta, wani na ma'anar kalmomi. Malaman da ke zaune a Sakkwato ba sa bukatar a gaya musu ana zafi a watan Afrilu. Takwas ɗin nan su koma ɗaya, ka bar abin da ya nuna giɓin da bincikensa ya zo cikewa. Ukun su koma ɗaya mai taswira. In tebur da zane suna faɗin abu guda, bar zanen, shi ake iya gani daga kujerar baya. Shafukan shekarun manoma da matakin karatunsu su haɗu a ɗaya, sai dai in suna cikin manufofin.

Abin da ka cire, danna masa Hide Slide maimakon Delete. Ba zai fito a allo ba, amma yana nan. In wani malami ya ce ina teburin farashi, yaron ya buga lambar shafin ya danna Enter, sai ga shi. Dogon bayanin da ka kwashe daga saman shafi kuma ka zuba shi a Notes, ya riƙa leƙawa.

Akwai dabarar da na hana a shagon nan: a cusa shafi uku cikin ɗaya a mayar da rubutu lamba 12. Shafuka sun ragu a ƙidaya, maganar tana nan da tsawonta, kuma ba mai iya karantawa. In rubutu ya ƙi shiga da lamba 24, kalmomin ne suka yi yawa. Haka kuma kada ka sake masa lafazin manufa ko ka taɓa alƙalumansa, malamin da ke duba shi ya riga ya sa hannu a kansu.

In ka gama, bi shi daga farko a Slide Show kana neman wurin da yankan ya bar rami. Kammalawa ta ambaci asarar kuɗi alhali ka ɓoye shafin da ya nuna ta? Mayar da shi. Wani wuri ya ce "duba tebur na 4" kuma na 4 ya tafi? Gyara. Sai ka tura masa fayil biyun, da layi uku: shafi 32 ya koma 13 bisa zaton minti 15, ga lambobin waɗanda aka ɓoye, in minti 10 ne ya ce a ƙara cire shafin bayanin manoma da zane biyu. Ka ce masa ya gwada da Rehearse Timings da bakinsa kafin ranar.