Yadda ake raba tambayoyin jarrabawa bisa nauyin kowane babi

Tambaya: Malam, babi huɗu na koyar a zangon nan, zan kuma fitar da tambayoyi 50. Bara ɗalibaina sun koka cewa babin da muka fi daɗewa a kansa bai fito sosai ba. Yaya zan raba tambayoyin da adalci?

Amsa: Malama, kafin ki rubuta ko tambaya ɗaya, zana jadawalin rabo tukuna. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne yawan darussan da kika yi a aji kan kowane babi, ba yawan shafukansa a littafi ba. Babi na iya cin shafi 30 saboda hotuna, alhali darasi uku aka yi a kansa. Duba littafin shirin darasinki, ki ƙirga abin da kika koyar a zahiri, ki cire ranakun hutu da na bita.

A ce darasi 40 kika yi: babi na ɗaya ya ci 6, na biyu 14, na uku 9, na huɗu 11. Ki raba darussan kowane babi da 40, ki ninka da 50. Babi na ɗaya zai sami 7.5, na biyu 17.5, na uku 11.25, na huɗu 13.75.

A nan malamai da yawa ke tuntuɓe. In kika kai kowace lamba ga cikakkiyar da ta fi kusa da ita, za ki sami 8, 18, 11 da 14, wato 51, ɗaya ta yi rara. Sai ki fara ɗaukar cikakkun lambobin kawai: 7, 17, 11, 13. Sun zama 48, saura biyu. Babi na huɗu ne mai ɓurɓushi mafi girma, ya karɓi ɗaya, ya koma 14. Na ɗaya da na biyu sun yi kunnen doki, nan lissafi ya ƙare, sai hukuncinki. Ni zan ba wanda darussan gaba suka dogara a kansa. In na ɗaya ne tushen sauran, rabon ya zama 8, 17, 11, 14.

Wannan lissafin yana aiki ne in kowace tambaya maki ɗaya ce. Idan akwai tambayar dogon bayani mai maki 10, to maki za ki raba, ba tambayoyi ba. In ba haka ba, tambaya guda daga ƙaramin babi za ta rinjayi tara daga babba.

Akwai wani tarkon kuma. Babi na biyu na iya samun 17 ɗinsa cif, amma duk tambayoyin hadda ne, domin su suka fi sauƙin rubutawa. In rabin darussansa warware matsala kuka yi a allo, to takwas ko tara su zama na warware matsala. Shi ya sa jadawalin ke buƙatar gurbin hadda, na fahimta da na aiki da ilimi a gaban kowane babi.

Idan kin gama rubutawa, sa lambar babi a gefen kowace tambaya, ki ƙirga, ki gwada da jadawalin. Tambayar da ta haɗa babi biyu, ki lissafa ta a babin da ɗalibi ba zai iya amsa ta ba sai da shi.